Shafi Arba'in da Huɗu a Shafi Ɗaya: Taƙaita Maƙala Ba Tare da Juya Maganar Mai Ita Ba



A kusan kowane aji na jami'a, idan malami ya jibga wa ɗalibai maƙalu masu yawa kuma lokaci ya ƙure, sai su raba aikin a tsakaninsu. Kowa ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya rubuto wa sauran taƙaitawa ta shafi guda. Ba na ƙin wannan al'ada, domin na san yawan karatun da ke kanku. Abin da nake so mu duba yau shi ne nauyin da ke wuyan wanda ya karɓi wannan aiki. Malamin da ya ba da maƙalar ya karanta ta, idan ka karkata zai gane. 'Yan ajinka ba su karanta ba, kuma da yawansu ba za su karanta ba har su gama makaranta. Abin da ka rubuta musu shi ne maƙalar a wurinsu. Da shi za su shiga jarrabawa, da shi za su yi musu, wasu ma da shi za su koyar nan gaba. Wannan amana ce, kuma akwai hanyar sauke ta.

Zan ɗauki maƙala guda mu bi ta tare. Sunanta, kamar yadda za ku neme ta a laburare, "The Problem of Social Cost", wato matsalar ɓarnar da sana'ar wani ke jawo wa wasu. Ronald Coase ne ya rubuta ta, masanin tattalin arziki haifaffen Ingila, ta fito a 1960 a mujallar shari'a da tattalin arziki ta Jami'ar Chicago, daga shafi na 1 zuwa na 44. Ɗaliban tattalin arziki da na shari'a da na kimiyyar siyasa duk suna haɗuwa da ita, kuma tana cikin ayyukan da aka ambata lokacin da aka ba Coase kyautar Nobel a 1991. Na zaɓe ta ne saboda an taƙaita ta a gurguje tun da wuri, taƙaitawar ta fi maƙalar yaɗuwa. A 1966 George Stigler, wanda shi ma babban masani ne, ya ciro wata magana daga farkon maƙalar ya sa mata sunan Coase a littafinsa na koyarwa. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka wannan maganar ita ce dukan abin da Coase ya faɗa. A wani littafi da ya fitar a 1988, Coase da kansa ya koka cewa an jingina masa duniyar da ba ita yake kira a nazarta ba. Idan haka ta faru tsakanin manyan masana, to ɗalibin da ke rubutu da daddare ana gobe za a miƙa aiki ya fi kusa da wannan rami.

Mu fara da lissafi. Shafi ɗaya da aka buga da rubutu madaidaici yana ɗaukar kalmomi kamar 450. Idan ka raba su ga shafi 44, kowane shafi zai sami kalmomi goma. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa hanyar da yawancin ɗalibai ke bi ba za ta fisshe su ba. Hanyar ita ce mutum ya buɗe shafi na farko yana karantawa yana ja wa jimloli layi, daga baya ya kwashe jimlolin da ya ja wa layi ya jera su. Abu biyu ke faruwa. Na farko, takardar tana cika kafin ya kai tsakiyar maƙala, domin a farko yake da ƙarfi kuma komai sabo ne a idonsa. Na biyu, abin da ya samu jerin batutuwa ne: marubuci ya yi magana a kan shanu, sannan a kan wani likita, sannan a kan jirgin ƙasa. Mai karatu zai san abin da aka taɓo, amma ba zai san abin da aka ce ba.

Saboda haka karatun farko ba na rubutu ba ne. Ajiye biro, ka bi kanun sassa kawai, ka rubuta lambar shafin da kowanne ya fara. Maƙalar Coase ba ta da tsakure a samanta, amma tana da sassa goma masu kanu. Sashe na ɗaya da na biyu gabatar da matsala ne, ba su wuce shafi biyu ba. Na uku da na huɗu misalin makiyayi da manomi ne. Na biyar shari'o'in kotunan Ingila ne. Waɗannan biyar sun kai mu shafi na 15. Sashe na shida, daga 15 zuwa 19, kanunsa yana cewa yanzu za a sa tsadar ƙulla ciniki a lissafi. Na bakwai, har zuwa 28, kotu ne da dokoki. Na takwas da na tara, har zuwa 42, martani ne ga Arthur Pigou da mabiyansa. Na goma shafi biyu ne da 'yan kai, yana kira a sauya hanyar tunani. Wannan aiki ba ya cin minti goma sha biyar, amma ya riga ya gaya maka abu mafi muhimmanci: akwai kwana a shafi na 15. Idan marubuci ya ce yanzu zai sa wani abu a lissafi, yana gaya maka ne cewa duk abin da ya gabata an gina shi ne ba tare da wannan abin ba.

Karatu na biyu shi ne na gaske, daga farko har ƙarshe, kuma tambaya ɗaya kake riƙe da ita a kowane sashe: wannan sashen wane aiki yake yi wa hujjar marubuci? Yana kafa da'awa ne, ko yana kawo misali, ko yana gindaya sharaɗi, ko yana mayar wa wani martani? A ƙarshen kowane sashe ka rufe maƙalar ka rubuta jimla ɗaya da bakinka. Rufewar tana da muhimmanci. Muddin shafin yana buɗe a gabanka, hannunka zai riƙa kwafar kalmomin marubuci, kuma mutum yana iya kwafar jimlar da bai fahimta ba. Idan ka rufe ka kasa rubuta jimlar, sashen bai shige ka ba, sai ka sake karanta shi.

Bari mu ga abin da ke cikin shafi goma sha biyar na farko, domin nan ne tarkon yake. Kafin Coase, abin da masana suka saba koyarwa, bisa littafin Pigou na 1920, shi ne idan masana'anta tana fitar da hayaƙi yana cutar da maƙwabta, a ɗora mata diyya, ko a sa mata haraji daidai da ɓarnar, ko a kore ta daga unguwar. Coase ya ce an yi tambayar a karkace, domin cutar tana da fuska biyu. Idan ka hana mai masana'anta don ka kare maƙwabci, ka cutar da mai masana'anta. Abin tambaya shi ne wace asara ce ta fi girma, a kauce mata.

Sai ya kawo makiyayi da manomi masu maƙwabtaka, babu shinge a tsakaninsu. Sa ɗaya yana ɓata amfanin gona tan ɗaya a shekara, shanu biyu tan uku, uku tan shida, huɗu tan goma. Kowane tan dala ɗaya ne, shinge kuma dala tara a shekara. Ku lura da sa na uku: shi kaɗai ya ƙara ɓarnar dala uku. Idan doka ta ce makiyayi ne zai biya, ba zai ƙara sa na uku ba sai ribarsa ta wuce dala uku. Idan kuma doka ta ce ba ruwan makiyayi, manomi zai yarda ya ba shi har dala uku don ya tsaya a shanu biyu. Makiyayin da ya ƙi karɓa ya ƙara sa na uku, ya yi asarar dala ukun nan da zai samu. Ta kowace hanya sa na uku dala uku yake ci masa, don haka yawan garken zai tsaya wuri ɗaya, ko da wa doka ta ba gaskiya. Abin da ke sauyawa shi ne aljihun da kuɗin ke fita.

Sashe na biyar ya maimaita wannan da shari'o'i na gaske. Mafi shahara ita ce ta 1879 a Landan, tsakanin wani likita, Sturges, da mai yin alewa, Bridgman. Mai alewa ya shekara da shekaru yana daka da turmi biyu a ɗakin aikinsa ba wanda ya ce uffan. Likita ya tare a maƙwabtaka, bayan shekara takwas ya gina ɗakin ganin marasa lafiya jingine da bangon mai alewa, sai ƙarar daka ta hana shi sauraron ƙirjin majinyata. Kotu ta ba likita gaskiya. Coase ya ce da mai alewa ya fi samun riba daga dakansa, zai iya biyan likita ya haƙura, da kuma kotu ta ba mai alewa gaskiya, likita zai iya biyansa ya daina.

Wannan ɓangare yana da daɗin karatu. Akwai lissafi mai tsabta, akwai labari, akwai sakamako mai ban mamaki. Ɗalibin da ya gaji a nan zai rubuta wa 'yan ajinsa: Coase ya nuna cewa ba ruwan doka, a bar mutane su daidaita tsakaninsu, gwamnati ta janye hannunta. Kowace kalma a wannan jimla tana da inda ta samo asali a maƙalar, amma jimlar ta juya maganar mai ita. Domin a shafi na 15 Coase ya faɗa ƙarara cewa duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan zaton ƙulla yarjejeniya ba ya cin komai, kuma wannan zato ya yi nisa da gaskiyar rayuwa. Kafin a yi ciniki sai an gano da wa za a yi, a sanar da shi, a yi ja-in-ja a kan farashi, a rubuta sharuɗɗa, a riƙa bibiya ko ana cikawa. Sau da yawa wahalar nan da kuɗin da take ci sun fi ribar da za a samu, sai cinikin ya ƙi ƙulluwa. A irin wannan hali hukuncin kotu yana zama daram inda aka ajiye shi, kuma shi ne zai yanke yadda za a yi amfani da dukiya. Ashe maƙalar da ake cewa ta nuna doka ba ta da tasiri, ta kashe kusan kashi biyu bisa uku na shafukanta ne a duniyar da doka ke da tasiri ƙwarai. A sashe na shida ne kuma ya jera mafita: a bar ciniki, ko a haɗa ɓangarorin biyu ƙarƙashin kamfani ɗaya, ko gwamnati ta sa doka kai tsaye, ko a ƙyale matsalar idan maganinta ya fi ta tsada. Ya ce dokar gwamnati tana iya zama mafi dacewa inda mutane suka yi yawa, kamar hayaƙin da ya rufe gari. Ya kuma bayyana ra'ayinsa cewa masana sun cika zuzuta amfanin sa hannun gwamnati, amma ya yarda cewa wannan ra'ayi bai nuna inda za a ja iyaka ba, sai an bi kowace matsala an auna.

To, ga hukuncin da nake so ku tafi da shi game da rabon wuri. Ba yawan shafi ake bi ba, nauyin da sashe ke ɗauke da shi a cikin hujja ake bi. Hanyar aunawa ita ce ka tambayi kanka: idan na cire wannan sashen, sakamakon marubuci zai tsaya? Cire shari'o'i uku daga cikin huɗu na sashe na biyar, hujja tana nan, domin duk abu ɗaya suke nunawa. Cire sashe na shida, maƙalar ta zama wata daban. Don haka shafi huɗu na sashe na shida sun cancanci kusan kashi ɗaya bisa uku na takardarka, yayin da shafi goma sha huɗu na martani ga Pigou za su wadatu da jimla uku ko huɗu. Sun yi tsawo ne domin a 1960 Coase yana fuskantar masana da suka tashi a kan koyarwar Pigou, dole ya bi ta dalla-dalla. 'Yan ajinka ba su cikin wannan rigima, sakamakonta kawai suke buƙata.

Ko a nan akwai zaɓi. A sashe na tara akwai wani ɗan lissafi da ya fi dogon bayani amfani. Hayaƙin masana'anta yana ɓarnar dala 100 a shekara, na'urar hana hayaƙi tana cin dala 90. Idan aka sa harajin dala 100, mai masana'anta zai sayi na'urar. Amma idan maƙwabta za su iya kauce wa hayaƙin da asarar dala 40 kacal, to harajin ya sa an kashe 90 a inda 40 za ta wadatar. Layi biyu ne, kuma sun ɗauke dukan martanin. Irin wannan misali ake nema: wanda idan mai karatu ya riƙe shi zai iya sake gina hujjar da kansa.

A makarantun zaure mun san littattafan taƙaitawa. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya dunƙule fiƙihun Malikiyya har ya zama ba a karanta shi sai a gaban malami, ga sharhohi a gefe. Wannan dunƙulewa tana da hujjarta, domin an yi ta ne don a haddace, malami ya warware. Takardarka ba ta da malamin da zai zauna ya warware ta. Saboda haka kada ka cika ta da guntayen kalmomi da kibiyoyi da gajerce-gajercen da kai kaɗai ka san ma'anarsu. Rubuta cikakkun jimloli, kuma ka kiyaye ƙananan kalmomin da ke ɗaure hujja: domin, amma, idan, sai dai, saboda haka. Su ne mai taƙaitawa ke fara zubarwa idan wuri ya yi masa kaɗan, alhali a cikinsu hujjar take. A maƙalar Coase, kalmar "idan" guda ɗaya ce ta raba taƙaitawa ta gaskiya da wadda ta karkace.

Yanzu bari in karanta muku yadda zan rubuta takardar. A sama sunan marubuci, sunan maƙala, mujalla, shekara da shafuka. Sannan:

"Tambayar maƙalar: idan sana'ar wani tana cutar da wasu, kamar hayaƙin masana'anta ko shanun da ke shiga gona, me ya kamata a yi? Amsar da aka saba, ta Pigou, ita ce a ɗora wa mai ɓarna diyya ko haraji. Coase ya ce wannan amsa ba kullum take daidai ba, domin hana ɗaya cutar da shi ne don a kare ɗayan. Abin nema shi ne tsarin da asararsa ta fi ƙanƙanta idan aka haɗa ta kowane ɓangare (shafi 1 zuwa 2).

"Matakin farko zato ne, kuma marubucin ya ce ba haka rayuwa take ba. Idan ƙulla yarjejeniya ba ya cin komai, kuma an fayyace haƙƙin kowa, to ko wa doka ta ba gaskiya, za a yi amfani da dukiya iri ɗaya. Misali: sa na uku a garke yana ƙara ɓarnar dala uku. Idan makiyayi ke biya, zai biya dala uku. Idan ba shi ke biya ba, manomi zai ba shi har dala uku ya fasa, ƙin karɓa kuma asarar dala uku ce. Yawan garke bai sauya ba, wanda ya biya ne ya sauya (shafi 2 zuwa 15).

"Mataki na biyu shi ne zuciyar maƙalar. A zahiri nemo abokin ciniki, daidaitawa, rubuta sharuɗɗa da bibiyarsu suna da tsada, wani lokaci har su hana cinikin. A nan wanda doka ta ba haƙƙi tun farko yana da tasiri a kan abin da al'umma za ta samar. Mafita huɗu ne: ciniki, haɗewa a kamfani ɗaya, dokar gwamnati, ko ƙyalewa. Kowace tana da tsadarta, har da ta gwamnati. Doka tana iya fi dacewa inda mutane suka yi yawa, ko da yake marubucin yana ganin an cika zuzuta amfaninta (shafi 15 zuwa 19). Ya nuna alƙalai sukan auna riba da asara ko ba su faɗa ba, kuma wasu ɓarnar da ake ɗora wa rashin doka, doka ce ta halatta su (shafi 19 zuwa 28).

"Martani ga Pigou: haraji daidai da ɓarna yana iya sa a kashe dala 90 a kan na'urar hana hayaƙi alhali maƙwabta za su iya kaucewa da dala 40 (shafi 28 zuwa 42). Kammalawa: a daina gwada halin da ake ciki da duniyar da ba ta da aibi, a gwada tsare-tsaren da za su yiwu, a duba jimillar sakamakon kowanne. Abin da mutum ya mallaka haƙƙin aikata wasu abubuwa ne, kuma auna zaɓi bai tsaya ga kuɗi ba, ya haɗa da ɗabi'a da sauran fannonin rayuwa (shafi 42 zuwa 44)."

Ku lura da abin da na zubar. Likita da mai alewa sun tafi, duk da daɗin labarinsu, domin aikin da suke yi makiyayi ya riga ya yi shi. Misalin da ke cikin maƙalar na tartsatsin jirgin ƙasa da ke ƙona gonaki ya tafi, haka na zomayen da ke ɓarna a gonar maƙwabci. Na bar lambobin shafi, domin wanda malami ya tambaya a kan sashe ɗaya ya san inda zai buɗe, kuma domin duk mai shakkar maganata ya iya bincika ta cikin minti biyu. Na kuma riƙe ƙarfin kowace da'awa yadda marubucin ya ajiye ta. Inda ya ce abu yana iya faruwa, ban ce yana faruwa ba. Inda ya ce ra'ayinsa ne, na ce yana ganin haka. Taƙaitawa tana da halin ƙara wa magana ƙarfi, domin "wani lokaci" da "galibi" suna cin wuri, mai gaggawa kuma yana ganin ba su da amfani.

Akwai wata jarraba da ta shafe mu musamman. Duk ɗan Arewa da ya karanta misalin makiyayi da manomi, zuciyarsa za ta tafi ga burtalin da aka nome, da gonar da aka cinye ana gab da girbi, da zaman sulhu a gaban mai unguwa da arɗo, da rayukan da aka rasa inda sulhu ya gagara. Wannan tunani yana da kyau, kuma maƙalar tana da abin cewa a kansa, tunda ta koya mana mu tambayi abin da ke hana yarjejeniya ƙulluwa: garken da ya wuce da dare ba a san mai shi ba, iyakar da ba a fayyace ba, hukuncin da babu mai tilasta shi. Amma makiyayin Coase ƙirƙirarre ne, maƙwabci ɗaya da ke zaune wuri ɗaya, kuma Coase bai rubuta komai a kan ƙasarmu ba. Idan kana da wannan tunani, ja layi a ƙasan takarda, ka rubuta "Ra'ayina", ka faɗe shi cikin jimla biyu. Haka idan kana ganin marubucin ya yi sakaci da batun adalci, wato wa ya kamata ya biya, wanda suka ne da masana da yawa suka yi masa. Faɗe shi a ƙarƙashin layin. Wanda bai karanta maƙalar ba ba shi da hanyar rarrabe muryarka da ta marubuci sai ka rarrabe masa.

Saura gwaji, kuma ina roƙonku kada ku tsallake shi. Kafin ka raba takardar, ba mutum ɗaya daga cikin 'yan ajin ya karanta, ka karɓe ta daga hannunsa, ka tambaye shi abin da marubucin ke da'awa da sharaɗin da ya gindaya. Sannan ka ba shi matsalar da ba ta cikin maƙalar. Ka ce masa: ga maƙwabta biyu, janareton ɗaya yana hana ɗayan barci. Ga kuma ruwan masana'antun jima da ke gangarawa kogin Challawa a Kano, inda dubban manoma da masunta ke amfani da shi. Me Coase zai ce a kan kowanne? Idan takardarka ta yi aiki, zai ce na farko mutum biyu ne da suka san juna, suna iya daidaitawa muddin an san haƙƙin kowa, na biyu kuwa tara dubban mutane a yi ciniki ba zai yiwu cikin sauƙi ba, don haka abin da doka ta tanada da yadda ake tilasta ta su ne za su yanke, kuma sai an auna tsadar kowace mafita. Idan ya ba ka amsa ɗaya ga duka biyun, cewa a bar su su daidaita, to sharaɗin bai fito ba. Koma ga sakin layi na uku na takardarka, ka faɗaɗa shi, ka rage misalin shanu ko martanin Pigou don ya sami wuri, sannan ka gwada da wani mutum daban, domin na farkon ya riga ya ji bayani daga bakinka.